Ketone ko ester? Layin 1745 ya hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana kimiyyar sinadarai. Don Allah ku taimaka mini da wata tambaya ta gano tsarin sinadari da na makale a kai.

An ba mu C5H8O da hoton IR, aka ce mu rubuta tsarinsa da hujja. Na lissafa rashin cikar haidurojin ya ba ni 2. Akwai layi mai ƙarfi a 1745 cm⁻¹, sai na C–H ƙasa da 3000 kaɗan. Babu faffaɗan layin O–H a wajen 3300, babu tagwayen nan na aldehaid a 2720 da 2820, kuma babu komai a 1650, wurin C=C.

Da farko na rubuta esta, tunda an koya mana 1735 zuwa 1750 wurinta ne, kiton kuma 1715. Sai daga baya na tuna esta tana buƙatar oksijin biyu, ni kuwa ɗaya gare ni. Kunya ta kama ni.

Yanzu zuciyata ta karkata ga cyclopentanone: C=O ɗaya, zobe ɗaya, lissafi ya cika. Amma me ya sa zobe mai kabon biyar yake ɗaga layin zuwa 1745, alhali cyclohexanone tana nan a 1715? Na ji ana cewa matsewar kusurwa ce, sai dai ban iya bayyana shi a rubuce ba. Kuma 2-methylcyclobutanone ma C5H8O ce. Shin cewa nata layin zai haura wajen 1780 ya isa hujjar kore ta, ko sai na nemi NMR?