Masu wuni a kan kibod a Kano, ku faɗi abin da yatsunku suka ji

Mai shagon taifin, bakin tsohuwar BUK:
Assalamu alaikum. Shekarata tara ina buga wa ɗalibai furojet. Da kibod ɗin tebur na roba nake aiki, irin baƙin nan da ake haɗowa da kwamfuta. Da ya tsufa sai maɓallan suka yi tauri, musamman Shift na hagu, in ban danna shi a tsakiya ba sai ya cije. Na ajiye shi na koma bugawa a kan laftof kai tsaye. Makon farko na ji daɗi ƙwarai, sauri ma ya ƙaru. Amma yanzu da la'asar kan yatsuna zugi suke yi, kamar na wuni ina ƙwanƙwasa tebur. Lokacin furojet nakan buga shafi 40 a rana. Shafi ɗaya bai gaza danni 1,800 ba, kun ga ya haura 70,000 kafin magariba. Ana ta ce mini in sayi kibod ɗin da ake kira makanikal, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wanda ya yi aiki da su da gaske ya gaya mini abin da hannunsa ya ji.

Mai gyaran kwamfuta, titin Beirut:
Wa alaikumus salam, Malam. Duka ukun nakan buɗe su, bari in faɗa maka abin da ke ciki, sai ka gane ciwonka.

Naka na farko, in ka kwance shi, za ka ga shimfiɗar roba mai ƙananan tudu kamar an kife ƙoƙo, kowane maɓalli da nasa. Ƙarƙashinta ledoji ne guda uku: ta sama da ta ƙasa suna da zanen layin wuta, ta tsakiya huda-huda ce kawai, ta raba su. Sai ƙoƙon robar ya lotsa ya matse ledar sama ta taɓa ta ƙasa kafin harafi ya fito. Wato dole ka kai maɓalli har ƙasa, tafiyar milimita 3 zuwa 4, a kowane danni. Taurin Shift da ka ji ba daga robar kaɗai ba ne. Sandar maɓallin tana zamewa ne cikin wani rami na filastik, in ya cinye kuma ƙura ta shiga, danni daga gefe sai ya karkata ya cije.

Na laftof ma robar ce da ledar, mutane ba su cika sanin haka ba. Abin da aka ƙara shi ne filastik biyu da aka gicciya kamar almakashi, su riƙe maɓallin ya sauka daidai ko ta wane gefe ka taɓa shi. Shi ya sa ka ji daɗi da farko. Sai dai tafiyarsa milimita 1 zuwa 2 ce kacal. Hannunka ya shekara tara yana koyon duka mai ƙarfi don tafiya mai nisa, ga shi kuma tsohon kibod ya ƙara koya masa ƙarfi da ya yi tauri. Yanzu ƙarfin nan bai da wurin zuwa, yatsa na sauka ya daki ƙasa. Zugin da kake ji ke nan a ganina.

Ɗalibi, Rijiyar Zaki:
Baba, kada ka tsaya wata-wata, makanikal za ka saya, kuma mai shuɗin suwic. Shi aka yi don masu taifin. Yana ƙara "kas-kas" duk dannin da ka yi, ka san harafi ya shiga. Tun da na saya ciwon wuyan hannu ya bar ni gaba ɗaya. Nawa ma har da fitilu kala bakwai.

Sakatariya, Audu Bako:
Ƙanena, kai kaɗai ne a ɗakinka shi ya sa. Wani yaro ya taɓa kawo irin shuɗin nan ofishinmu, mu huɗu a ɗaki ɗaya, kafin azahar kowa kansa ya ɗau zafi. Malam kuma shago gare shi, ɗalibi na tsaye a kansa yana karanto masa gyara.

Ni na koyi taifin a kan tafireta, na yi na roba shekaru, yanzu kuma na almakashi nake amfani da shi, na tebur, siriri, ba na jikin laftof ba. Ban ga wanda ya fi shi sauƙi a hannuna ba. Yatsa ba ya ɗagawa sama sosai, zamewa kawai yake daga harafi zuwa harafi, kuma da yake kibod ɗin a kwance yake, wuyan hannuna ba ya lanƙwashewa. Amma gaskiyar mai gyara ce, sai da na yi kusan wata guda ina koya wa kaina sassauta hannu. Na gwada makanikal na kwana uku a wurin ɗan yayata, na ji kamar ina tafiya a cikin yashi, kowane harafi sai na nutsa. Ga tsayi, sai da na ɗaga kafaɗa. Na mayar masa.

Mai shagon taifin, bakin tsohuwar BUK:
Hajiya, na gode. Yaya kika sassauta hannun? Ni in aiki ya taru ban ma san ina duka ba.

Sakatariya, Audu Bako:
Da kunne na yi, Malam. In na ji ƙarar kibod ta fara tashi, na san na koma duka, sai in rage. Kuma ka yanke farce, a gajeren maɓalli farce ne ke fara sauka kafin tsokar yatsa.

Mai POS, Kurna:
Ni ma tawa matsalar ke nan. Maɓallin 0 na injina sai na danna da ƙarfi, wani lokaci kuma ya fito sau biyu. A ina ake sa masa makanikal ɗin?

Mai gyaran kwamfuta, titin Beirut:
Ɗan'uwa, naka daban ne, ba a canza wa wannan. Ka kai a goge maka ƙarƙashin robar.

In koma kan maganar ɗalibinmu. Ya yi gaskiya rabi. Abin da makanikal ya fi sauran da shi ba ƙara ba ce, ba kuma fitila ba. Kowane maɓalli yana da suwic nasa, da sifirin da 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa. A samfurin Cherry MX, wanda su Gateron da Outemu suka kwaikwaya, tafiyar duka milimita 4 ce, amma harafi yana fita tun a wajen milimita 2. Rabin hanya ke nan. Sauran rabin sifirin ne ke tare yatsa a hankali, ba sai ka daki ƙasa ba. Da launi ake bambanta suwic ɗin. Ja santsi ne tun daga sama har ƙasa, nauyin kusan giram 45. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya da yatsa ke ji ba tare da ƙara ba. Shuɗi tudu ne da ƙara, kuma ya ɗan fi su nauyi.

Amma wanda ya saya ya ci gaba da duka har ƙasa, bai tsira da komai ba, don ƙasan makanikal filastik ne a kan farantin ƙarfe, ya fi roba tauri. Batun wuyan hannu kuwa, ban yarda suwic ne ya warkar da kai ba. Da laftof kake a kan katifa ko cinya, da ka sayi kibod ka koma tebur. Zaman ne ya canza.

Ɗalibi, Rijiyar Zaki:
Tebur ɗin kam lokaci ɗaya na saya su, Oga. Amma ni dai har yanzu ina ganin kibod ɗin ya taimaka.

Mai fassara, Gwammaja:
Ni zan ba da labarin watanni, ba kwana uku ba. Ina fassara daga Turanci zuwa Hausa, awa shida zuwa bakwai a rana. Na fara da ja saboda an ce shi ne mafi laushi. Laushin ne ya zame mini matsala: in na ɗora yatsu ina tunanin kalma, sai in ɗago in ga layi ya cika da "ffff" ko "jjjj". Ba abin da ke gaya wa yatsa cewa harafi ya fita, don haka sai na riƙa kaiwa ƙasa don in tabbatar. Mako uku kurakuraina sun fi na da.

Na koma ruwan ƙasa. Tudun nan ƙarami ne, ranar farko da ƙyar na ji shi, har na ɗauka an cuce ni. Wajen mako na biyu sai na lura yatsuna sun fara sakin maɓalli da zarar sun wuce tudun. Ba kowane danni ba, har yau Space da Enter ina kai su ƙasa. Amma gajiyar yamma ta ragu sosai, kuma ƙaramin yatsana, wanda ke riƙe maɓalli kullum don fitar da ƙ da ɗ da ɓ, ya daina sagewa. Abin da Hajiya ta faɗa na tsayi gaskiya ne. Sai da na kwantar da ƙafafun bayan kibod ɗin, na sa tawul naɗaɗɗe a gabansa don tafin hannu.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne hunturu. A watan Janairu harafin a ya fara fitowa biyu-biyu. Mai rubuta Hausa ya san abin da wannan ke nufi, kusan kowace kalma da a a cikinta. "Kasuwa" ta zama "kaasuwaa". Ƙura ce ta shiga tsakanin ƙarafan.

Mai gyaran kwamfuta, titin Beirut:
Wannan nakan gani duk shekara, Malama. Na roba ya fi jure ƙurar Kano, don wurin haɗuwar wutar a rufe yake tsakanin ledoji. Makanikal a buɗe yake ta gefen sandar. Maganinsa a cire hular maɓallin, a hura iska, a ɗiga sifirit na goge na'ura ana dannawa, bayan an zare waya, a bar shi ya bushe. In bai yi ba a canza suwic ɗin guda ɗaya. Shi ya sa nake cewa a nemi wanda aka rubuta hot-swap a kwalinsa, ana zare suwic da ɗan ƙarfe ba sai an narka dalma ba. Na almakashi shi ne mai wuyar sha'ani: tsakuwa ɗaya ta shiga ƙarƙashi maɓalli ya ƙi sauka, garin cirewa kuma ƙugiyar filastik ta karye.

Kuma Malam, in za ka shiga kasuwa ka kula. Akwai masu fitilu da tsayin maɓalli da aka rubuta wa mechanical feel, roba ce a ciki. Ka ce a cire hula ɗaya. In ka ga ƙaramin akwati mai sanda mai kai kamar + mai launi, shi ne. In ka hango roba a ƙasan rami, ba shi ba ne. Sannan a jona shi, ka buɗe Notepad, ka danna a hankali ƙwarai, ka ga ko harafi ya fito kafin maɓalli ya kai ƙasa.

Sakatariya, Audu Bako:
Ni dai da zai ji tawa, ya fara gwada sassauta hannu a kan abin da yake da shi kafin ya kashe kuɗi.

Mai shagon taifin, bakin tsohuwar BUK:
Allah ya saka muku da alheri. Na gwada dannawa a hankali a laftof ɗin, lallai sai ya kai ƙasa harafi ke fita. Na ɗora laftof a kan littattafai, na ari mai ruwan ƙasa a wurin maƙwabcina zuwa Juma'a mai zuwa. Yau kwana biyu, zugin kan yatsa ya ragu, amma na fi yin kuskure, kuma bayan hannuna na dama yana ɗan ja da yamma. Malama mai fassara, ke ma kin ji wannan jan a farko, ko tsayin teburina ne? Ya kai mini kusan ƙirji in na zauna.