Shirin uwar adashi na neman suna

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Mun gama ɗaukar wani shiri mai zango ɗaya, kashi shida, kowanne bai wuce minti goma sha biyu ba, kuma a YouTube za mu sake shi. Labarin wata uwar adashi ce da mata goma sha biyu ke zubi a wurinta. Ana gobe kwasa, kuma wadda za ta kwasa kayan ɗakin 'yarta za ta saya, sai kuɗin suka ɓace daga cikin kullalliyar durowa. Mutum biyar ne suka kwana a gidan. Kowane kashi zargi yana komawa kan mutum ɗaya, sai a na shida a gane ɓarawon. Sunaye uku ne a hannunmu: Hawayen Zuciya, Amana, da Uwar Adashi. Wanne kuka gani?

Maman Biyu: Wa alaikumussalam. Ni dai Hawayen Zuciya ya yi min daɗi a baki wallahi. Da na gan shi zan danna.

Mai Tace Hoto: Maman Biyu, in kin danna, me kike sa ran gani?

Maman Biyu: Soyayya mana. An raba yarinya da saurayinta, ko auren dole, da 'yar waƙa a tsakiya.

Mai Tace Hoto: To ka ji amsarka, Ɗan Fagge. Akwai soyayya a shirin naka?

Ɗan Fagge: Babu, Yaya. Amaryar ma sau biyu kacal ta fito.

Mai Tace Hoto: Don haka cire wannan tun yanzu. Sunan zai jawo maka mutane, amma ba mutanenka ba. Maman Biyu za ta shigo tana jiran saurayi, ta tarar da mata suna ƙirga kuɗi suna hararar juna, kafin minti biyu ta fice. Wanda kuwa yake son labarin bin diddigi, mai son ya zauna yana cewa "wallahi ƙanin mijin ne", shi da ya ga hawaye da zuciya zai wuce abinsa. Ka yi asara biyu kenan.

Kuma abin ba ya ɓuya. In ka shiga YouTube Studio akwai alƙaluma biyu da za ka ajiye kusa da juna: `Impressions click-through rate`, wato cikin waɗanda aka nuna wa bidiyon nawa ne suka danna, da `Audience retention`, layin da ke nuna inda mutane suka fara zarewa. In masu dannawa suna da yawa amma layin ya rikito tun a farkon shirin, galibi suna da hoton bango sun yi alƙawarin abin da babu shi a ciki. In kuwa masu dannawa kaɗan ne amma waɗanda suka shiga suna kaiwa ƙarshe, shirin lafiyarsa ƙalau, sunan ne ba ya kira. Na ce galibi, domin mugun sauti ko doguwar gabatarwa ma suna korar mutane a daidai wurin nan. Sai ka tabbatar ba su ba ne kafin ka ɗora wa suna laifi.

Baba Marubuci: Ni kuma Amana nake so a duba. Kalma ɗaya, mai nauyi, kuma ita ce cibiyar labarin. Mu a zamaninmu karin magana ko kalmar hikima ake sa wa wasa, mai kallo ya tashi da darasi. Me zai hana a ce Cin Amana, ko a ɗauko karin magana sukutum?

Mai Tace Hoto: Baba, gaskiyarka cewa amana ce cibiyar labarin. Amma a gafarce ni, rabin finafinan Hausa amana ce cibiyarsu. Ɗan Fagge, rubuta kalmar a wurin bincike ka ga abin da zai fito maka: wa'azi, waƙoƙi, tsofaffin finafinai, shagunan da ke da sunan. Sabuwar tasha ba za ta iya ture su ba. Na biyu, sunan yana gaya wa mai kallo darasin da zai koya, bai gaya masa daɗin da zai ji ba. A zamanin da Baba ke magana, tashar talabijin ɗaya ko biyu ce a gari, an kunna kowa ya zauna. Yanzu yatsa ne a kan waya.

Baba Marubuci: Ban yarda duka ba, ɗana. Karin magana har yau tana aiki in an iya zaɓenta. Amma batun cunkoson sunan na karɓa.

Sarkin Caji: Ni shawarata ka je ka yi wa sunan rajista tukuna, kada wani ya riga ka. Kuma ka sa "TV" a ƙarshe, ya fi kwarjini.

Ɗan Fagge: Sarki, ba sunan tasha nake nema ba, muna da ita. Sunan shirin ne.

Sarkin Caji: Au, to yi haƙuri. Amma tunda na shigo bari in faɗi abin da na sani, don tura finafinai a waya sana'ata ce. Mai saye ba ya zuwa da cikakken suna. Cewa yake "sa min na matar nan mai adashi". In sunan ya wuce kalma uku, su da kansu za su yanke shi su raɗa masa nasu. Ni ma a kwamfuta kalma biyu nake rubutawa a jikin fayil. Don haka ni Uwar Adashi na zaɓa, don shi za a riƙa kiran shirin da shi ko kun so ko kun ƙi.

'Yar Zinder: Amma ni da na ji Uwar Adashi dariya na fara yi. Na hango wata ƙatuwar hajiya da jaka a hammata tana gudu mata suna bin ta. Ba wasan barkwanci ba ne?

Mai Tace Hoto: Yauwa, ƙanwata ta taɓo inda nake so. Kunnen mai kallon Hausa ya riga ya saba da wasu siffofin suna. In aka sa sana'a ko laƙabin mutum tsirara, kunne yana karkata ga barkwanci, saboda shekarun da aka yi ana jin Ibro kaza, Ibro kaza a finafinan marigayi Rabilu Musa. In aka ce gidan wane, kamar Gidan Badamasi, ana jiran rikicin iyali da dariya. Zuciya, so, hawaye, ƙauna, waɗannan na masoya ne. Shi kuwa labarin da ke riƙe numfashi, abin da ya fi yi masa hidima shi ne wa'adi. Dubi Kwana Casa'in da Arewa24 ta fara nunawa a 2019: tun kafin ka ga fuskar kowa, sunan ya gaya maka akwai agogon da ke tafiya, akwai ranar da za a yi ta ta ƙare.

Shirinka yana da nasa wa'adin, ba sai ka aro ba. Kuɗin sun ɓace da dare, da safe mai kwasa za ta yi sallama. To a nan za a haƙo sunan. Ni zan ce Daren Kwasa. Dare yana kawo ɓoyo da fargaba, kwasa kuma duk macen da ta taɓa zubi ta san nauyin ranar.

Ɗan Fagge: Kai, wannan ya shige ni. Wani a cikinmu ya taɓa kawo Zubin Ƙarshe, shi fa?

Mai Tace Hoto: Yana da kyau a kunne, amma matsalarsa biyu. Da yawa ba su da ƙ mai lanƙwasa a wayarsu, "karshe" za su rubuta, kai kuma dole ka zaɓi ɗaya a jikin hoton bango. Wannan ƙarama ce, ana iya sa rubutun biyu a bayanin da ke ƙarƙashin bidiyo. Babbar ita ce kalmar ƙarshe a kan shiri mai kashi-kashi. Wanda ya hango ta a gurguje zai ɗauka kashin ƙarshe ne na wani shirin da bai fara ba, ya tsallake.

'Yar Zinder: Haka ma adashin. Mu nan adashe muke cewa, wasu ma da Faransanci suke kiransa. In yana cikin sunan, rubutu biyu za a riƙa nema da shi.

Maman Biyu: Ni fa ban gamsu da Daren Kwasa ba. Mu mata mun gane. Amma ka ce wa maigidana daren kwasa a wannan zamanin, 'yan bindiga zai hango sun shiga ƙauye sun kwashe mutane. Zai danna yana jiran harbe-harbe, ya tarar da durowa. Ba ita ce matsalar da kuka ƙi Hawayen Zuciya saboda ita ba?

Mai Tace Hoto: Ita ce kuwa, kuma ƙorafinki yana kan hanya. Bambancin kawai, wannan kuskuren hoton bango zai iya gyara shi. In aka sa hannun mace da lalle a kan buɗaɗɗiyar durowa, ga littafin zubi a gefe, babu mai tunanin daji. Hawayen Zuciya kuwa ko me ka sa a hoton, soyayya zai ci gaba da cewa. Sai dai Sarkin Caji zai ce mana a shagonsa babu hoton bango.

Sarkin Caji: Babu kam. Suna ne kawai a jere, sai abin da na faɗa wa mutum da bakina.

Baba Marubuci: To a mai da shi tambaya mana. Wa Ya Kwashe? Ai shi ne abin da mai kallo zai yi ta tambayar kansa har kashi shida.

'Yar Zinder: Baba, wannan ma yana ɗan kama da barkwanci. Kamar an sace naman miya.

Mai Tace Hoto: Mu nan mun riga mun san labarin, kunnenmu ya lalace. Ɗan Fagge, ɗauki sunayen biyu, Daren Kwasa da na Baba, ka kai wa mutum goma da ba su san komai a kai ba, rabi mata rabi maza, kuma ban da waɗanda suka yi aikin da ku. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kowa zai ce ya yi don kunya. Tambaya ɗaya ce: "wane irin fim ne wannan?" In bakwai ko takwas suka ce sata, asiri ko bincike, ka samu. In amsoshin suka warwatse, a sake zama. Washegari ka koma wa biyu ko uku ka ga ko sun riƙe sunan.

In ka tsayar, sa sunan shirin a gaba, lambar kashi ta biyo, sunan tasha a ƙarshe, kamar haka: `Daren Kwasa | Episode 1 | Sunan Tasha`. YouTube yana ba ka harafi 100, amma a waya yanke doguwar jimla ake yi, don haka abin da ka tura baya shi ne zai ɓace. Kuma ka gama wannan kafin ku kai shirin hukumar tace finafinai ta Kano, don sunan da ke takardarku ya dace da wanda ke kan allo.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Gobe akwai suna a gidan yayata, mata za su cika, can zan fara. Maza kuma sai majalisar mai shayi.

Maman Biyu: Ka haɗa da Uwar Adashi a gwajin, don Allah. Ina so in ji ko 'Yar Zinder ce kaɗai ta yi dariya.