Manhajar jarrabawa ta ƙi ganin allon MacBook ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jibi zan rubuta jarrabawa daga gida da mai sa ido ta kyamara, amma gwajin na'ura ya ƙi wucewa. Intanet da makirufo lafiya lau, matakin raba allo ne ya cije.

Na shiga `System Settings > Privacy & Security > Screen Recording` na kunna wa manhajar izini, na rufe ta na sake buɗewa kamar yadda macOS ya nema. Duk da haka hoton bangon allo kaɗai take ɗauka, ba ta ganin tagogin da ke buɗe, wato alamar izinin bai kama ba. Na cire allo na biyu, na kashe Zoom da WhatsApp, babu canji.

Na ga ana ba da wannan umarnin:

```
tccutil reset ScreenCapture
```

Na san zai goge izinin ɗaukar allo na dukkan manhajoji, wannan bai dame ni ba. Abin da nake tambaya, kwamfutar ta wurin aiki ce, kuma asusuna ba na mai gudanarwa ba ne. Shin takunkumin ofis zai iya hana izinin kamawa ko da maɓallin ya nuna a kunne? In haka ne gara in ari wata tun yau. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka.