Tambarin makarantarmu ya dagule a keken surfani

Malamar Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka da shawara. Marigayi mahaifina ne ya kafa Islamiyyarmu a zauren gidanmu, shi ya zana tambarin da hannunsa, ƙanena ya mayar da shi kwamfuta. Da'ira ce, ciki akwai allo da alƙalami da siraran layukan haske 24, sunan makaranta ya kewaye, ƙasa kuma take da Larabci da lambar waya. Na ba mai surfani kafin alƙalami na riguna 150, iyaye sun riga sun biya. Samfur ya fito, rubutun ya zama dunƙulen zare, ba ya karantuwa. Ya ce laifin zanen ne. Shin keken nasa ne bai da kyau? In canja mutum?

Ɗan Samaru: Wa'alaikis salam Malama. Hoton ne ya rasa inganci, WhatsApp yana matse hoto. Tura masa asalin fayil ɗin CorelDraw, magana ta ƙare.

Mai Surfanin Sabon Gari: Fayil mai kyau yana taimakon mai tsara ɗinkin, amma keke ba ya ɗinka hoto. Sai an bi zanen an mayar da shi sukan allura ɗaya bayan ɗaya, irin fayil ɗin DST. Malama, faɗin tambarin nawa ne, haruffa nawa a sunan, kuma wane yadi?

Malamar Tudun Wada: Santimita 6, a kan aljihu. Sunan haruffa 52 ne in an haɗa da tazara.

Mai Surfanin Sabon Gari: To ga ciwon. Rubutun da ya kewaye cikin da'irar santimita 6 yana da hanya kamar santimita 16. Raba wa haruffa 52, kowanne ya samu milimita 3 har da tazararsa. Da zaren da muka saba, lamba 40, harafi yana son tsayin milimita 5 zuwa 6 kafin ya fito sarai, wato haruffa talatin da 'yan kai ne za su zauna a wurin. Allurar kanta, mai lamba 75, kaurinta milimita 0.75 ne. In sandar harafi ba ta kai milimita 1 ba, allura tana komawa kusan rami ɗaya, zare ya taru ya tsinke, wani lokaci yadin ya huje. Cikin "a" da "e" ya toshe, lanƙwasar "ƙ" ta ɓace ta koma "k".

Larabcin ya fi ba ni tsoro. Ɗigo biyu su manne su zama ɗaya, a kasa bambance ta'un da nunun, a rigar ɗalibin Islamiyya kuma!

Ki yi zane na biyu don surfani kawai. Allo da alƙalami su yi kauri, layuka 24 su koma 8, gajeren suna da manyan baƙaƙe marasa ado, a cire lambar waya. Kafin ki kai, buga shi a takarda daidai girmansa, ki bi kowane layi da alƙalamin maka mai bakin milimita 1. Duk inda tawada ta haɗe, nan zare zai haɗe.

Hajiya Babba: 'Yata, duk bakinsu ɗaya. Ni ma da Sallah ƙarama wani ya lalata min shaddar maigida, ya ce wai wuta aka ɗauke. Har yau bai biya ni ba. Ki karɓi kuɗinki kawai.

Telan Kwangila: Ni dai baji na saƙa zan ce. Zarensa ya fi siriri, yana ɗaukar ƙananan rubutu, mu teloli mu ɗora a aljihu. Yaro ya girma a cire a mayar a sabuwar riga.

Mai Surfanin Sabon Gari: Bajin ma yana da iyaka, kuma ba kasafai ake saƙa 'yan kaɗan ba. Akwai zare lamba 60 da allura 65, suna sauko da harafi kusan milimita 4, amma ɗigon Larabcin nan ba zai tsira ba.

Malamar Tudun Wada: Na gode Malam, amma ba zan taɓa taken ba, Baba ne ya zaɓe shi. Layukan ma suna da ma'ana a wurinmu. Ai na ga wata makaranta da rubutu fal a tambarinta.

Mai Surfanin Sabon Gari: Allah ya jiƙan Baba. Ki auna nasu, ƙila ya kai santimita 9, ko kuma bugun fenti ne. Cikakken zanensa ya zauna a allon ƙofa da takardar sakamako. Kuma har yanzu ba ki faɗi yadin ba. In mai talewa ne, sai an sa masa shafi mai ƙarfi a baya, irin wanda ake yankewa da almakashi, in ba haka ba da'irar za ta fito a karkace.

Malamar Tudun Wada: Na maza tetiron ne, na mata kuma a hijabi muke so. Santimita 9 ba za ta zauna a aljihun 'yan raula ba. Zan gwada wani mai keken a unguwar PZ ranar Asabar da zanen yadda yake.

Ɗan Samaru: Ki tafi da asalin fayil ɗin dai.