Tikitina na "Not via London" da komawa Southampton ta Landan

Assalamu alaikum. Ina riƙe da tikitin jirgin ƙasa na zuwa da dawowa tsakanin Southampton Central da Manchester Piccadilly a Birtaniya, kuma a wurin da ake rubuta hanya an buga "Not via London", wato ba ta Landan ba. Da zuwa na bi ta Reading da Oxford da Birmingham ba tare da matsala ba, amma ranar komawata za a yi gyaran layi, an maye gurbin jirgi da bas a wani ɓangare na hanyar, shi ya sa nake son in bi ta Landan, in sauka a tashar Euston, in tsallaka zuwa tashar Waterloo, in ƙarasa gida.

Na fahimci cewa ba tashar tashi da ta sauka kawai na biya wa kuɗi ba, har da hanyar da ke tsakaninsu, domin an sauƙaƙa farashin ne bisa sharaɗin kauce wa Landan, kuma dokar da ta halatta bin hanya mafi gajarta ba ta soke sharaɗin da aka buga a jikin tikiti. Na duba manhajar sayen tikiti, duk tafiyar da ta ratsa Landan tikitin "Any Permitted", wato mai halatta bin duk hanyar da aka amince da ita, shi kaɗai take nuna mata. Mai sayar da tikiti ya ce in biya cikon kuɗi, wani ma'aikacin kuma ya ce sai dai sabon tikiti ɗungurungum.

Shin zan iya biyan cikon na komawa kaɗai kafin in hau jirgi, tikitin ya halatta ta Landan? Na gode.