Guruf ko tasha: wanne zai ɓoye ɗalibaina?

Malamar Islamiyya: Assalamu alaikum. Ina da guruf na karatun mata a Telegram, mun kai 170. Wasu maza na shigowa ta linki, su duba jerin mambobi, su riƙa bin ɗalibai da saƙo. Na ji ance guruf ba ya wuce 200. In koma tasha ne?

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam Malama. Maganar 200 ta ƙaramin guruf ce, wanda ake farawa da shi. Da ya cika, ko kika ba shi adireshin da kowa zai iya nemowa, Telegram da kanta take mayar da shi babban guruf mai ɗaukar mutum 200,000, kuma ba a komawa baya. Ba ma lallai ki lura ba. Tasha ba ta da iyaka, kuma shugabanni kaɗai ke ganin waɗanda suka shiga, sai dai ku kaɗai za ku yi magana. Ɗalibar da ke son biya hadda fa?

Wata 'yar kasuwa: Ni tasha na buɗe wa atamfofina, na haɗa ta da guruf na sharhi, hankalina kwance. Yaya, ki yi haka kawai.

Mai gyaran waya: Hajiya, duk wadda ta yi sharhi da asusunta ai sunanta ya fito. Malama, tunda kun haura mutum 100, ki shiga Edit, sai Members, ki kunna Hide Members. Jerin zai ɓace wa kowa ban da shugabanni. Amma wadda ta turo saƙo ana iya taɓa sunanta a bi ta, wannan maɓallin bai hana ba. Don haka ki soke tsohon linkin da ya yi yawo, ki yi sabo da Request Admin Approval, sai kin amince mutum ya shigo.

Wani ɗalibi: Kowa ya ɓoye lambarsa a Privacy and Security, shi ke nan an gama.

Malamar Islamiyya: Ƙanena, yawancinsu sun ɓoye, amma saƙon bai daina zuwa ba. Tantance masu shiga kuwa ya fi ƙarfina ni kaɗai.

Mai gyaran waya: Naɗa mataimaka biyu. A babban guruf ana raba iko ɗaya bayan ɗaya: ki ba su Ban Users, Delete Messages da ikon gayyata, wanda da shi ake karɓar masu neman shiga. Add New Admins kuwa ki riƙe a hannunki, don wadda kika ba tana iya naɗa wasu ba da saninki ba.

Wata 'yar kasuwa: To mazan da suka riga suka shige da sunan mata fa? Ta yaya za ta gane su a cikin 170?

Mai gyaran waya: Wannan kam babu maɓallinsa. Sai dai kowa ta turo sallama da murya, wanda ya noƙe a cire shi.

Malamar Islamiyya: Akwai waɗanda mazajensu ba su yarda su tura murya ba. Bari in yi shawara da su tukuna.