Gonakin Kura sun faɗa Kogi da Taraba, don Allah a taimaka min da wannan shefayil

Auwalu: Assalamu alaikum. Na shiga wani hali ne tun shekaranjiya. Ƙungiyar manoman rani da nake yi wa aiki a Kura ta karɓo shefayil, wato fayil ɗin taswira na kwamfuta, na iyakokin gonakinsu daga wani tsohon safiyo da ya auna musu shekarun baya. Shugaban ƙungiyar kawuna ne, shi ya tsaya min aka ba ni aikin, kuma ranar Litinin za su kai taswirar wurin masu ba su bashin taki. Na buɗe QGIS, na sa OpenStreetMap, na jawo fayil ɗin, sai gonakin suka bayyana kusa da Kabba a jihar Kogi. Wani abokina ya ce in sa masa `EPSG:32632`, wato ma'aunin taswira na UTM zon 32, tunda Kano ce, na sa, suka koma Taraba. Na gwada `EPSG:4326`, suka ɓace gaba ɗaya. Safiyon ba ya ɗaukar waya. Fayil ɗin ne ya lalace ko kwamfutata ce?

Sani Maraɗi: Wa alaikumus salam. Matsalar zon ce, na sha fama da ita. Ka gwada 31 maimakon 32. Wani fayil na Birnin Konni da aka taɓa ba ni haka ya yi tsalle ya tafi gabas, ashe zon 31 ne na sa masa 32.

Injiniya Bala: Sani, Konni tana yamma da digiri 6, shi ya sa take 31. Kura tana wajen digiri 8 da rabi, ba ta da haɗi da 31. Kuma kuskuren zon gabas ko yamma yake jefa abu, kilomita ɗari shida da wani abu, ba ya saukar da shi kudu. Gonakin Auwalu sun gangara daga Kano har Taraba, wannan wani ciwon ne daban.

Auwalu, ka daina gwaje-gwajen nan tukuna. Abu biyu nake so. Ka duba cikin jakar da aka ba ka, akwai fayil mai ƙarewa da `.prj` tare da `.shp` da `.shx` da `.dbf`? Sannan ka shiga `Layer Properties`, ka danna `Information`, ka kwafo mana lambobin da ke gaban `Extent` yadda suke.

Auwalu: Babu `.prj`, uku kawai aka turo min ta waya. Lambobin farko suna tsakanin 660000 da 664000, na biyu tsakanin 857000 da 861000. Amma ranka ya daɗe ba gwaji nake yi kara zube ba, duk aikin da na yi a Kano da 32632 na yi shi kuma bai taɓa ba ni matsala ba.

Injiniya Bala: Bai ba ka matsala ba saboda kai ka ɗauko waɗancan da na'urarka. Wannan wani ne ya auna, da ma'auninsa.

Shefayil lambobi tsirara ne a cikinsa. `.prj` ɗin nan shi ne ɗan rubutun da ke gaya wa QGIS daga ina aka fara ƙirga su. Da ba shi, QGIS ya sa maka alamar tambaya a gefen sunan fayil ɗin, ya zuba lambobin a kan ma'aunin taswirar da ka fara buɗewa. Kai kuwa OpenStreetMap ka fara buɗewa, wato `EPSG:3857`, wanda ke ƙirga mita daga mahaɗar ikwaita da layin Greenwich. Ka tafi mita 662000 gabas da 859000 arewa daga can, a wajen Kabba za ka sauka. Fayil ɗinka lafiya lau yake.

To yanzu mu karanta lambobin. Ba digiri ba ne, don digiri ba ya wuce 180, shi ya sa da ka sa 4326 komai ya ɓace. Ba UTM ba ne kuma. UTM daga ikwaita yake ƙirga arewa, kowane digiri kusan kilomita 110 da rabi ne, Kura kuma tana dab da digiri 12. Da UTM ne, da lambar arewa ta kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, ta gabas kuma wajen 437000. Taka 859000 ce. Cire wannan daga waccan, giɓin ya kai kilomita 442, digiri huɗu ke nan cif. Wane ma'auni ne yake fara ƙirga arewa daga digiri 4 maimakon ikwaita? Tsohon ma'aunin safiyon Najeriya, wanda ya raba ƙasar gida uku: yamma, tsakiya, gabas. Na tsakiyar layinsa yana kan digiri 8 da minti 30, an ba wa layin lambar gabas 670553.98. Kura tana ɗan yamma da layin da kilomita takwas ko tara, ga lambarka 662000. Duka biyun sun faɗa daidai. Ka sa `EPSG:26392`, za ka ga an rubuta `Minna / Nigeria Mid Belt`.

Hajiya Rabi: Allah ya saka, Injiniya. Ni abin da ke ƙona min rai da waɗannan safiyoyin shi ne rowar bayani. Bara na biya wani kuɗi mai yawa ya auna mana filaye, ya ba ni zanen AutoCAD, lambobin daga 1000 da 1000 suka fara. Ashe wani turken siminti ya kafa a bakin hanya ya mayar da shi mafari. Babu lambar EPSG a duniya da za ta zaunar da wannan. Sai da na koma da na'ura na ɗauki kusurwa huɗu na ɗaura zanen a kansu da hannu, kwana uku ina abu ɗaya. Da na yi masa magana cewa ya yi haka suke yi tun kafin in shiga makaranta.

Auwalu: Injiniya na sa 26392 ɗin, yanzu gonakin sun tafi wani wuri daban, ba Kura ba ba Taraba ba.

Injiniya Bala: A kan wane fayil ka sa? Ka sake duba `Extent`.

Auwalu: A kan wanda na adana ne jiya. Bayan na sa 32632 na yi `Export`, `Save Features As`, na mayar da shi 3857 don ya dace da taswirar ƙasan. Na ga kamar ya fi tsari in yi aiki da kwafi kada in taɓa na asali, haka aka koya mana.

Injiniya Bala: Ajiye na asali da ka yi shi ya cece ka. Amma kwafin nan ka goge shi. `Set Layer CRS` laƙabi kawai yake sauyawa, ba ya taɓa lamba ko ɗaya, ko sau goma ka yi kuskure za ka iya komawa. `Save Features As` da wani ma'auni daban kuwa lissafi yake yi ya rubuta sababbin lambobi. Ka gaya masa ƙarya cewa fayil ɗin UTM ne, ya yarda, ya lissafa Taraba ya rubuta ta a cikin fayil. Duk laƙabin da ka manna wa wannan kwafin yanzu, a kan kuskure yake hawa. Koma kan ukun da aka turo maka, ka sa musu 26392, sannan ka fitar. In kana da GDAL layi ɗaya ne:

```
ogr2ogr -s_srs EPSG:26392 -t_srs EPSG:32632 sabo.shp gonaki.shp
```

Musbahu: Ni dai a ganina an tsawaita abin. Ka zaɓi gonakin duka, ka ja su da `Move Feature` ka ɗora a kan hoton tauraron ɗan'adam, ka buga ka kai. Masu ba da bashi ba za su auna ba.

Hajiya Rabi: Haba Musbahu. Iyakar gona ce fa, ba adon bango ba. Ranar da maƙwabta biyu suka yi rigima a kan kunya uku, wannan takardar za a ɗauko.

Auwalu: Alhamdulillahi, sun sauka a Kura! Ina ganin babbar hanyar ruwa da gonakin a gefenta. Sai dai ba su hau daidai ba. Na auna a kan hoton, duk iyakokin sun goce kamar mita goma sha biyar zuwa ashirin, wasu ma sun hau kan hanyar ruwan.

Sani Maraɗi: To datom ne ke nan, wato tushen da ake ɗora awon ƙasa a kansa. Minna da WGS 84 ba ɗaya ba ne.

Injiniya Bala: Ba ɗaya ba ne, gaskiya ne, amma da an manta da datom ɗin gaba ɗaya da gocewar ta kai wajen mita tamanin gabas da yamma a yankin Kano. Ashirin ta yi kaɗan. 26392 yana ɗauke da Minna a cikinsa, QGIS ya riga ya yi juyin. Abin da ya rage shi ne hanyoyin juya Minna zuwa WGS 84 sun fi ɗaya, kuma ba sa ba da amsa guda. Wadda aka fi sani ita ce mai lambobi -92, -93, 122, ita ma kanta tana da kuskuren 'yan mitoci. Shiga `Project Properties`, `Transformations`, ka ga wadda aka ɗauka. Sannan kada ka ɗauki hoton sama a matsayin alƙali, shi ma yakan goce. Abin da zai raba gardama turke ne. Je gona gobe, nemo turakun safiyon guda uku masu nisa da juna, ka ɗauki mazauninsu da na'ura mai kyau. In duka ukun sun goce gefe ɗaya da tazara ɗaya, juyin ne ko mafarin da safiyon ya ɗaura aikinsa. In kowanne da nasa gefen, awon ne da kansa.

Hajiya Rabi: In turakun suna nan ke nan. Namu manoma sun tuge rabi sun yi murhu da su.

Auwalu: Na gode ƙwarai, amma gobe Asabar ce, ba ni da na'urar sai waya, kuma Kura ba nan kusa da ni take ba. Kawu ya kira ni sau biyu yau. Ni a ganina tunda taswirar bashi ce ba ta kotu ba, in na ɗan matsar da su mita ashirin ɗin su sauka daga kan hanyar ruwa ba laifi ba ne.

Injiniya Bala: Waya tana iya yin kuskuren mita biyar zuwa goma, amma a fili ba rufi za ta nuna maka ko ashirin ɗin gaskiya ce. In ba za ka je ba, ka bar su inda lissafi ya ajiye su, ka rubuta a ƙasan taswirar cewa daga 26392 aka juyo kuma ba a tabbatar a ƙasa ba. Kada ka ja su da hannu.

Musbahu: To ai shugaban in ya ga gonarsa a cikin ruwa ba zai karanta rubutun ƙasa ba.

Auwalu: Abin da nake tsoro ke nan. Akwai wanda ke kusa da Kura da zai iya ara min na'ura zuwa Lahadi?